Bashin karatun jami'a: nawa ya kamata in ci?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Garwa. Ɗana ya samu shiga jami'ar Ngaundere, kuma wani ya ce zai ba ni sefa 1,500,000 na shekara uku, da ruwan kashi 5 cikin ɗari duk wata, in biya idan yaron ya kama aiki. Hankalina bai kwanta ba. In karɓa?

Amsa: Alhaji, kada ka karɓa. Kuɗin rajista a jami'o'in gwamnatin Kamaru sefa 50,000 ne a shekara. Abin da ke cin kuɗi shi ne zaman yaron a Dang, inda jami'ar take. Mu ƙaddara ɗaki zai ci 150,000, abinci 250,000, takardu da kuɗin mota 50,000, shekara ta tashi 500,000 ke nan har da rajista. Idan shagonka zai iya fitar da 30,000 duk wata na wata goma, giɓin da ya rage 200,000 ne, kuma iyakar abin da za ka ranta ke nan, na bana kaɗai, domin ba ka san ko yaron zai maimaita aji ko zai canza fanni ba.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar nan ta "idan ya kama aiki", wadda nake ji kullum daga bakin iyaye har ta ishe ni. Takardar digiri ba ta zuwa da albashi. Mai neman aikin gwamnati sai ya ci jarrabawar shiga, wani ya gwada sau biyu ko uku bai dace ba, wanda ya dace kuma yakan daɗe yana jiran lambarsa ta ma'aikaci kafin ya ga albashin farko, jiran da yana cikin abin da ya sa malaman makaranta yajin aiki a 2022. Duk tsawon wannan lokaci ruwa yana hawa. Kashi 5 na 1,500,000 sefa 75,000 ne duk wata, wato 2,700,000 a shekara uku, uwar kuɗi kuwa tana nan ba a taɓa ta ba, ban da haramcin riba da ka fi ni sani. Na ga uba da ya sayar da gonarsa ta albasa kan irin wannan bashi, ɗansa na zaune da takarda a cikin akwati. Sannan ga masu cewa a kawo kuɗi su saya wa yaro gurbi a jarrabawa; mayaudara ne, kuma sun san ba za ka iya kai ƙara ba.

Nemi 200,000 ɗin a adashi, ka roƙi a ba ka kwasar watan Satumba kafin a koma karatu, ko ka ranta wurin ɗan'uwa, a rubuta a gaban shaidu biyu. Zubin 20,000 a wata daga ribar shago, ban da 30,000 ɗin nan, zai kammala shi cikin wata goma, kafin kuɗin baɗi ya taso.