Hira a cikin ɗaki da hasken taga kawai: ina zan ajiye kujera?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina so in ɗauki hira da kakanmu a bidiyo da wayata, ya ba mu tarihin gidanmu. Ba ni da fitilun ɗaukar hoto, wutar ma ba tabbas. Na gwada a falonsa sau biyu: da farko fuskarsa ta yi baƙi ƙirin taga tana ƙyalli a bayansa, da na juya shi kuma sai rabin fuskar ya ɓace. An ce in sayi abin mayar da haske. Shi ne maganin? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kada ki sayi komai tukuna, ki fara da kujerarsa. Taga ba ta motsi, don haka mutum ake juyawa har hasken ya zauna masa daidai, kuma sai an gama wannan abin mayar da haske yake da amfani.

A gwajinki na farko waya ta ga taga ta fi komai haske, sai ta rage hasken hoton don tagar ta fito, Baba ya tafi cikin duhu. A na biyu tagar tana daidai kunnensa, hanci ya raba fuskar gida biyu. Wurin da kike nema yana tsakanin kunne da hanci. Ki sa shi ya fuskanci taga sosai, sannan ki juya kujerar a hankali kamar rabin hanya zuwa gefe, yadda tagar za ta kasance a gabansa amma ta ɓangare ɗaya. Ki dubi kuncin da ke nesa da taga. Idan haske ya ɗan tsallaka hanci ya sauka a ƙarƙashin wancan idon, kuma kina ganin ɗigon haske a cikin idanun biyu, ki tsaya a nan.

Tazararsa da taga ta zama kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wato taku biyu. Idan ya matsa sosai, kafaɗar da ke kusa za ta ƙone da haske, musamman in farar babbar riga ya sa. Idan ya yi nisa kuma, hasken taga yana raguwa da sauri, sai wayar ta ƙara ƙarfinta da kanta, hoton ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa yashi. Wayar ta tsaya a kan abin ɗorawa daidai tsayin idonsa, tagar kada ta shigo cikin hoton ko kaɗan. Wanda zai yi masa tambayoyi ya zauna dab da wayar ta ɓangaren taga, domin duk lokacin da Baba ya dube shi yana magana, fuskarsa cikin haske take juyawa.

Kafin ranar, ki san inda tagar take kallo. Wannan ba wuya, tunda alƙiblarmu kusan gabas take. Tagar gabas tana shigo da rana kai tsaye da safe, sai ki bari sai bayan azahar. Ta yamma kuma da hantsi ake amfani da ita. Ta arewa ta fi kowacce sauƙi a yawancin shekara, sai dai daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana a ƙasarmu tana ɗan karkata arewa, don haka ki duba da idonki. Idan kin ga zanen rana a ƙasa ko a bango, ko inuwar ƙarafunan taga a jikin mutum, hasken ya yi kaifi. Ki rataya farin zanen gado marar kauri a tagar ya tace shi. Fari fa, ba labulen falo mai ruwan goro ba, don duk launin da haske ya ratsa sai ya shafa wa fuska.

Yanzu sai abin mayar da hasken. Farin kwali babba irin na 'yan makaranta ya isa, ko farar kumfar nan da ake samu a kwalin sabon firji, wadda na fi so saboda ba ta lanƙwashewa. Aikinsa ya tare hasken da ya wuce Baba ya dawo da shi ɓangaren inuwa. Kuskuren da na fi gani shi ne a ajiye shi a bayan kafaɗar mutum, inda jikinsa ya riga ya kare hasken. Ki ajiye shi a ɓangaren da ba taga, ɗan gaba da Baba, daidai tsayin fuskarsa, fuskar kwalin tana kallon taga. Ki fara daga nisan mita ɗaya, ki riƙa matso da shi kina kallon allon wayar, har sai gemu da kunnen da ke cikin inuwa sun fito. Yawanci kusan kamu ɗaya ko biyu daga fuska ake tsayawa, dab da inda zai shigo hoto. Kada ki kashe inuwar gaba ɗaya, ita ce take fito da kamannin dattijo. Kuma ki jingina kwalin a bayan wata kujera ki ɗaure shi. Na taɓa ba wani yaro ya riƙe mini, hira ta yi nisa hannunsa ya gaji, sai da na zo tacewa na ga haske yana hawa yana sauka a kuncin mai magana kamar ana yi masa fifita.

Akwai mai ruwan azurfa, irin wanda direbobi ke sawa a gilashin mota don tare rana. Ya fi farin ƙarfi, yana taimakawa a ɗaki mai duhu, kuma baƙar fata tana kyau da ɗan ƙyallinsa. Amma yana kashe ido, yana fito da maiƙon goshi, kuma idan Baba yana sa tabarau za ki gan shi ɓaro-ɓaro a gilashin. In haka ta faru, ki ja shi baya ki ƙara kai shi gefe har ƙyallin ya fita.

Ki kashe ƙwan ɗakin ko da an kawo wuta. Launinsa daban da na rana, sai ki samu rabin fuska ja-ja rabi shuɗi-shuɗi, ga shi in an ɗauke wuta a tsakiyar magana hoton ya canza. Fentin bango ma yana irin wannan ɓarnar. Idan falon kore ne ko shuɗi, ki nisanta Baba daga bango kamar mita biyu, kwalin kuma ya shiga tsakaninsa da bangon da ke gefensa.

Idan komai ya zauna, ki danna yatsa a kan fuskarsa a allon wayar ki riƙe, har sai alamar kullewa ta fito. A wasu wayoyin za ki ga an rubuta AE/AF Lock. Sannan ki ja hasken sama ko ƙasa har fatarsa ta yi kama da yadda kike ganinta da ido. Idan rigar ta zama fari fat ba a ganin aikin wuyanta, gara ki roƙe shi ya sa mai ruwan toka ko shuɗiya a maimakon ki duhunta fuskarsa.

Abin da wannan dabara ba ta iya yi shi ne tsayar da rana. A lokacin hunturu hazo yana tace haske ya daɗe bai canza ba, amma da damina gajimare ɗaya ya isa ya rage miki shi a tsakiyar labari. Dattawa kuma in suka kama tarihi ba sa tsayawa da wuri. Ki raba hirar kashi-kashi, kamar minti ashirin-ashirin, a kowane hutu ki kalli fuskarsa a allon, ki gyara kwalin, ki sake kulle hasken. Idan la'asar ta yi sanyi ɗakin ya fara duhu, ku dakata, ki sa alama da alli a inda ƙafafun kujerar suke, ku ci gaba washegari a daidai lokacin da kuka fara.