Me ya sa ake karanta "ila Ibrahima" amma "ila Nuhin"?

Tambaya: Salam malamai da ɗaliban wannan zaure. An koya mana cewa harafin jarri kisira yake sa wa sunan da ya biyo shi, to amma a Suratun Nisa'i na ga "ila Nuhin" da kisira biyu, can gaba kaɗan kuma "ila Ibrahima" da fataha, alhali ila ɗin ɗaya ce. Malaminmu ya ce mamnu'u minas sarfi ne ya wuce. Don Allah ta yaya mutum zai gane irin waɗannan sunaye in ya haɗu da su a littafin da ba wasali?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kamo aya mai kyau wallahi, ni ma da ita nake fara wa ɗalibaina wannan babi a islamiyya, domin aya ta 163 ta Nisa'i ta tara kusan rabin darasin a layi biyu.

Abu na farko da za ka riƙe, Ibrahima ɗin nan majruri ne, ila ta yi aikinta, ba ta fasa ba. Alamar ce kawai ta canza. Akwai sunaye a Larabci da aka hana su abu biyu, ba sa karɓar tanwini sam, kuma in jarri ya zo musu sai fataha ta tsaya a madadin kisira. Shi ya sa za ka ce ja'a Ibrahimu, ra'aitu Ibrahima, marartu bi Ibrahima, wasali biyu kawai yake juyawa a kai ba uku ba. In aka ce ka yi i'irabi sai ka ce majruri ne, alamar jarrinsa fataha a madadin kisira saboda mamnu'u minas sarfi ne, kuma malami mai tsanani ba zai bar ka ba sai ka faɗi dalilin hanin, to wannan dalilin shi ne ainihin abin da kake tambaya.

Mu bi ayar a hankali. Ibrahima, Isma'ila, Is'haƙa, Ya'aƙuba, Ayyuba, Yunusa, Haruna, duk sunayen yanka ne kuma asalinsu ba Larabci ba ne, harufansu kuma sun wuce uku. Haɗuwar waɗannan biyu, alamiyya da ujuma kamar yadda malaman nahawu ke cewa, ita ta hana su. Nuhu shi ma ba'ajame ne amma harufansa uku ne na tsakiya kuma ba shi da wasali, sai ya yi sauƙi a harshe aka bar masa tanwininsa, haka Luɗu. Isa yana cikin jerin, shi ma an hana shi, sai dai ba ka gani saboda ƙarshensa alifi ne wasali ba ya bayyana a kansa, kamar Musa. Wal asbaɗi kuwa da ke tsakiyarsu kisira gare ta, jam'i ce ta yau da kullum ba ruwanta da babin. Sai ƙarshen ayar, wa ataina Dawuda zabura, nan yara ke faɗawa, su ce Dawuda majruri ne da fataha tunda sun saba, alhali ba harafin jarri a gabansa, maf'uli ne na ataina, fatahar nan tasa ta nasabu ce ta asali, abin da ya nuna an hana shi kawai rashin tanwini, ka duba zaburan kusa da shi ya karɓa. Don haka ganin fataha kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka waiwaya ka ga me ya gabata. Sunayen annabawa da suke karɓar tanwini a Alƙur'ani shida ne, Muhammadu, Salihu, Shu'aibu, Hudu, Nuhu da Luɗu, ka haddace su ka huta, sauran duk an hana su.

Yanzu littafin da ba wasali. Ni ba na fara wa ɗalibi da haddar illoli tara ɗin nan da ke hana suna tanwini, na ga da yawa suna rera su tsaf amma ka miƙa musu shafi su rasa ta inda za su fara. Abin da nake cewa shi ne ka fara da ido, kalli sigar kalmar kafin ka tambayi ma'anarta, domin akwai iri biyu da siga kaɗai ta isa ta hana su ba sai an nemo dalili na biyu ba.

Na ɗaya jam'in da yake da alifi a tsakiya, bayan alifin harafi biyu, ko uku na tsakiyarsu ya'u mai sukuni, irin masajid, madaris, masabih, mafatih. Sunansa sigatu muntahal jumu'i. Ka buɗe Saba'i aya ta 13, min mahariba wa tamasila wa jifanin, min ɗaya ce ta hau su duka, biyun farko fataha ba tanwini, jifanin kisira biyu, saboda bayan alifinta harafi ɗaya ne kacal. Lissafin harufan nan shi ne duk aikin. In harafin bayan alifi mai shadda ne ka ƙirga shi biyu, kamar dawabb. In kuma ta'u ta maƙale a ƙarshe to ya fita daga hanin, mala'ikatun, asatizatun, talamizatun duk da tanwininsu.

Na biyu wanda ya ƙare da alifin tanisi, gajere kamar zikra da bushra da hubla, ko dogo mai hamza kamar sahra'u, hamra'u, ulama'u, anbiya'u. A nan ne ake shan wuya gaskiya, domin ba kowane alifi da hamza ne na tanisi ba. Ka mayar da kalmar tushenta, in ka cire alifin da hamzar harufan asali uku suna nan cif, kamar ulama'u da ya rage ainun, lamun, mimun, to ƙari ne, an hana. In kuwa hamzar tana cikin ukun ko ta maye gurbin ɗaya daga cikinsu, kamar anba'un, asma'un, abna'un, sama'un, to tanwini na nan, shi ya sa a Najmi ka karanta in hiya illa asma'un. Guda ɗaya ce ta yi gardama, ashya'u, ta yi kama da asma'un amma an hana ta, la tas'alu an ashya'a a Ma'ida 101, malamai tun zamanin Halilu da Sibawaihi suna da bayani a kanta mai tsawo, kai dai ka riƙe ta haka.

In siga ba ta kama kalmar ba sai ka yi tambaya ta biyu, sunan yanka ne na mutum ko gari, ko kuwa sifa ce? In ba ko ɗaya ba, irin kitab, rajul, bait, ka ba ta tanwininta ka wuce. In sunan yanka ne sai ka nemo masa abokin tafiya, kuma wurin da ya fi dacewa ka yi atisaye shi ne isnadin hadisi, tunda "an" ce ke ta maimaituwa. An A'ishata, an Zainaba, sunan mace ne. An Hamzata, an Mu'awiyata, an Abi Hurairata, maza ne amma ta'un ƙarshe ta ja musu. An Usmana, an Sufyana, an Salmana, alifi da nunun ƙari. An Ahmada, an Yazida, suna kan awon fi'ili, in ka rufe ido ahmadu da yazidu aikatau ne na mudari'i. An Umara, wannan shi ake kira adalu, wai an karkato shi daga Amir, kuma ka lura Amru ba haka yake ba, an Amrin za ka ce. Sai sunan da aka narkar da kalma biyu suka zama ɗaya kamar Ba'alabakka da Hadramauta, ba ka cika haɗuwa da shi ba. Wanda bai da ko ɗaya cikin waɗannan lafiyarsa ƙalau, an Jabirin, an Aliyyin, an Nafi'in.

Akwai wani abu a isnadi da ke ruɗa masu farawa, za ka ji an Anasi bni Malikin ba tanwini a kan Anas, sai ɗalibi ya ce ai an hana shi. A'a, kalmar ibn ce tsakanin suna da sunan uba take sauke tanwinin, ka ga ai kisirarsa na nan. Kwatanta da an Umara bnil Haɗɗabi, shi fataha ce. Kisirar ita ce shaida.

Sifa tata ba ta da yawa. Awon af'alu kamar akbaru, ahsanu, ahmaru, sai fa'alanu da macensa ke zuwa fa'ala kamar gadbanu da aɗshanu, sai masna, sulasa, ruba'a da uharu, kamar min ayyamin uhara a ayar azumi.

To ga inda ma waɗanda suka yi nisa ke zamewa. Duk abin da na faɗa na fataha a madadin kisira yana rushewa in kalmar ta ɗauki alifi da lamu ko aka jingina ta ga wata. Bi masabiha a Suratul Mulki fataha, amma akifuna fil masajidi a Baƙara 187 kisira. Fa hayyu bi ahsana minha a Nisa'i 86 fataha, amma fi ahsani taƙwim a Tini kisira, kalma ɗaya ce fa. Na sha jin mai huɗuba ya ce fil masajida ko fi masajida l madinati don ya ji an ce masajid mamnu'i ce, wannan kuskuren wanda ya karanta rabin babi ne. Kuma a kula, sai ita kanta ce aka jingina, wato ta zo a farko. In ita ce a baya hanin na nan daram, shahru Ramadana, bi baɗni Makkata, ba Ramadani ba, ba Makkati ba.

Ƙananan abubuwa biyu da za ka ci karo da su. Sunan mace na Larabci mai harafi uku da sukuni a tsakiya kamar Hindu ya halatta ka ba shi tanwini ko ka hana, duka daidai ne. Sannan in a allo ka taso da Warshu kamar yawancinmu, a Suratul Insani aya ta 4 salasilan ka sani da tanwini, in ka ɗauki mus'hafin Hafsu sai ka ga salasila ba tanwini, kada ka ce wani ya yi kure, ƙira'a ce tabbatacciya, masu nahawu suna cewa an ba ta tanwinin ne don ta dace da aglalan wa sa'iran da ke bin ta. Mawaƙa ma an yarje musu su sa wa mamnu'i tanwini in awon baiti ya matsa, don haka kada ka kafa hujja da baitin waƙa.

In kana son ya zauna, ɗauki Suratul An'ami daga aya ta 83 zuwa 86, annabawa 18 ne a jere a wurin, ka rubuta kowanne ka faɗi ya karɓi tanwini ko bai karɓa ba da dalili, ka turo nan mu duba tare. Ka kula da Alyasa'a, shi da alifi da lamu ya zo, tambayarsa daban ce.