Abayar Instagram: hoton na gaske ne, masu yabon fa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wata abaya ruwan zuma a shafin wata mai sayar da kaya a Instagram, ta cika shafin da hotunan hirar kwastomomi suna ta yabo. Ta ce sai na tura kuɗi duka kafin ta ba direba. Yaya zan gane ba yaudara ba ce? Daga wata 'yar'uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikis salam 'yar'uwa. Ki fara da hoton, don shi ya fi saurin tona asiri. Ki ɗauke shi a wayarki, ki buɗe Google Lens ki saka shi. In ya fito a shagunan Dubai ko Turkiyya, ko kika ga shafuka biyar suna tallar abayar da hoto guda, to ba ita ta ɗauka ba. Wannan kaɗai bai sa ta zama 'yar damfara ba, masu sari da yawa da hoton dila suke talla. Abin da ya nuna shi ne ba ki ga kayan da ke hannunta ba tukuna, kuma sau da yawa tela ake ba hoton ya kwaikwaya da yadi mai araha.

Sai ki zuƙo hoton, ki bar kallon rigar, ki dubi abin da ke bayanta. Manhajar da ake tsuke ƙugu da ita ba ta jan jiki shi kaɗai, tana haɗawa da duk abin da ke kusa. Shi ya sa za ki ga bakin ƙofa ya ɗan lanƙwashe daidai ƙugu, ko layin tayil ya karkace a wuri ɗaya alhali sama da ƙasa a miƙe yake. Launi kuwa, ki nemi abin da kika san fari ne, kamar bango ko labule. In farin ya koma ɗorawa-ɗorawa ko shuɗi-shuɗi, haka launin rigar ma ya gusa, ruwan zumar nan na iya iso miki ruwan ƙasa. Idan fatar hannun mai sanye da ita ta yi sumul kamar roba, filtar da ta goge fatar ta goge saƙar yadin, ba za ki gane kauri ko shara-shara ba. Akwai kuma dabarar da ba ta waya ba: a tsuke riga da fil ta baya don ta zauna ɗas. Shafin da ba ya taɓa nuna bayan riga abin tambaya ne.

Hotunan yabon nan su ne mafi sauƙin haɗawa, waya biyu kawai ake buƙata. Ki jera guda biyar ki karanta su a tare. Mutane daban-daban ba sa rubutu iri ɗaya: wata da Hausa zalla, wata tana gauraya Turanci, wata muryarta za ta turo. In duk biyar ɗin suka yi kuskuren rubutu guda a kalma guda, hannu ɗaya ne ya rubuta. Kwastomar gaske kuma takan faɗi wani abu takamaimai, ko da ɗan ƙorafi ne: hannun ya yi tsawo, direba ya makara kwana biyu. Ta bogi ba ta wuce "Masha Allah kaya sun yi kyau". A ƙarƙashin hotuna, ki taɓa sunayen masu sharhi uku. In babu hoto ko ɗaya a shafukansu kuma suna bin dubban mutane, sayo su aka yi. In an rufe sharhi gaba ɗaya, akwai abin da ba a so ki karanta.

A shafin nata ki danna ɗigo ukun da ke sama, ki shiga About this account. Date joined zai nuna watan da aka buɗe shafin, Former usernames kuma sau nawa aka canza suna. Wadda ta ce shekara biyar tana sana'a, shafi ɗan wata biyu, sai ta yi bayani.

Kafin ki tura ko kwabo, ki ce ta yi miki bidiyo a waje da rana, da takarda mai ɗauke da sunanki da kwanan watan ranar a kan rigar. Ta ɗaga yadin ya fuskanci haske da hannunta a ciki, ta juya cikin ki ga ɗinki, ta ja dutsen ado ɗaya da farce ki ga ko manne yake da gam. Sannan ta shimfiɗa tef ɗin tela daga kafaɗa zuwa ƙasa: lambar abaya tsawonta ne a inci, mai 56 ya kamata ta kai inci 56. Mai kaya a hannu minti uku ya ishe ta. In ta ce kayan na sito ko wayarta ba caji har sau biyu, ki riƙe kuɗinki, ko ki tura wani naki da ke garinsu ya gani da ido ya biya a can.