Wat nawa zan ba mahayina a hawan ƙarshe?

Tambaya: Mahayin keken da nake horarwa nauyinsa kilo 65, FTP ɗinsa, wato mafi girman ƙarfin da zai iya riƙewa na kusan sa'a guda, wat 260. Zangon tserensu kilomita 120 ne, zai ƙare da hawa mai tsawon kilomita 8, tsaurinsa kashi 7 cikin ɗari. Yaya zan tsara masa gudu a hawan?

Amsa: Malam, ba shi adadin wat, kada ka ba shi gudu, domin tudu ne ke yanke gudun. Idan ka raba 260 da 65 za ka samu wat 4 a kowane kilo, amma wannan ƙarfinsa ne lokacin da yake da sauran jini a jika. Bayan sa'a uku a kan sirdi ba zai iya riƙe shi ba, don haka ni zan ɗora lissafin a kan kashi 90 na FTP, wato wat 234.

Sai ka tuna tudu bai san nauyin mahayi shi kaɗai ba. Keke da gorunan ruwa da takalma za su kai kilo 9, jimilla 74. A hawan kashi 7, wannan nauyi na janyo shi baya da ƙarfin nutin 51, gogar taya ta ƙara 3, iska ta ƙara kamar 3. Sarƙa kuma tana cinye wajen wat 6. Ka raba wat 228 da suka rage da nutin 57, ka samu mita 4 a daƙiƙa, wato kilomita 14.4 a sa'a. Hawan zai ɗauke shi minti 33 ke nan.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne amincewa da wannan kashi 7, alhali matsakaici ne kawai. Duba taswirar hawan kilomita-kilomita. A ce akwai wani yanki mai kashi 11 a tsakiya. In ya nace sai ya riƙe gudun 14.4 a nan, zai buƙaci wajen wat 350, kuma cikin 'yan mintuna ƙafafunsa za su ƙone. Yarje masa ya haura zuwa 260 a wurin, tunda ƙarin ƙarfi ya fi rage lokaci inda gudu ya yi ƙasa, sannan ya sauko 220 inda hanya ta kwanta. A 260 gudunsa zai faɗo 10.8, kuma da giya mai haƙora 34 gaba 28 baya fedarsa za ta koma juyi 70 a minti. In bai saba da haka ba, sa masa mai haƙora 32 a baya, ya samu juyi 80.

Kilomita biyun farko kada ya wuce 234 ko da sauran sun fizga. Idan a tsakiyar hawa bugun zuciyarsa na ta hauhawa, wat kuwa na sauka, to ya ci bashi tun a ƙasa; ya rage wat 10 nan take, ya riƙe hakan har ƙoli.