Nawa ne canji ya ƙara, nawa ya rage a kuɗin da aka turo gida?

Tambaya: Yayana yana aiki a ƙasar waje, duk wata yana turo mana kuɗi. Ina so in gane ribar ko asarar da sauyin canji ya jawo mana a shekara. Zan iya yin lissafin a waya?

Amsa: Za ka iya, da Google Sheets ko Excel. Amma fara tattara rasit ɗin kowane turi, domin farashin da ake gani a intanet na tsakiyar kasuwa ne, wato tsakanin farashin saye da na sayarwa, kamfanin tura kuɗi kuwa yakan biya ƙasa da shi. Abin da ya shigo hannunku shi ne abin dogaro.

A ginshiƙin A rubuta kwanan wata. A B sa kuɗin wajen da aka canja bayan an cire cajin turawa, a C kuma kuɗin gida da kuka karɓa. Cire cajin nan wajibi ne, in ba haka ba ranar da kamfani ya ƙara caji sai ka ɗora wa canji laifin da ba nasa ba. Layi na 2 ya zama turin Janairu, shi ne ma'auninka. Rubuta dabara ta farko a D2, ta biyu a E2, ka ja su har ƙasa:

```
=C2/B2
=B2*(D2-$D$2)
```

D na nuna ainihin canjin da kuka samu, jimillar E kuma ita ce amsar tambayarka.

Mu gwada da turi uku. A Janairu an turo 500, kun karɓi 50,000, wato canji 100. A Yuni 300 ta ba da 36,000, canji 120. A Disamba 500 ta ba da 55,000, canji 110. Da canji ya tsaya yadda yake a Janairu, da 1,300 ɗin da aka turo gaba ɗaya ta kawo 130,000. Kun karɓi 141,000, ke nan canji ya ƙara muku 11,000: 6,000 a Yuni, 5,000 a Disamba.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne su haɗa 100, 120 da 110 su raba uku, su ce matsakaicin canji 110 ne. Wannan zai ba da 143,000, ya zarce gaskiya da 2,000, saboda watan da canji ya fi kyau shi ne aka turo kuɗi kaɗan. Raba jimillar C da jimillar B, za ka samu kusan 108.5.

Idan ka ga E duk sifili, alamar $ ce ta faɗi daga dabarar. Idan kuma jimilla ta yi ƙasa da yadda kake zato, duba lambar da ta manne a hagun akwatinta: an kwafo ta a matsayin rubutu, SUM, dabarar da ke haɗa jimilla, na tsallake ta. Goge ta ka sake bugawa da lambobi zalla.

Kar ka ɗauki 11,000 ɗin nan riba tsantsa. Idan kaya sun yi tsada a shekarar fiye da kashi 8.5 cikin ɗari da canji ya ƙara, abin da kuɗin ke iya saya raguwa ya yi.