Kalmomin aure: daga smog zuwa Ingausa

Tambaya: Malam, a ajin Turanci an ce mana brunch da smog da motel kowacce kalma biyu ce aka haɗa. Ina bambancinsu da irin su hana-salla da dafa-duka? Muna da irinsu a Hausa? Daga ɗalibarka a Zariya.

Ɗiyata, bambancin yana wajen yanka. Idan kika ce dafa-duka, ga "dafa" cikakkiya, ga "duka" cikakkiya, an jera su ne kawai, ba wadda ta rasa ko da harafi ɗaya. Wannan ita ce harɗaɗɗiyar kalma. Su kuwa waɗancan, ni nakan kira su kalmomin aure, don aikin da ake yi musu irin na mai lambun mangwaro ne: a yanko reshen wannan, a ɗaura shi a jikin wancan, su kama juna su zama itace ɗaya.

Mu ɗauki smog. A farkon ƙarni na 20 gidaje da masana'antun Landan gawayin kwal suke ƙonawa. Lokacin hunturu hayaƙin yakan gauraya da hazo mai laima, ya kwanta a kan gari har numfashi ya yi wuya. Turanci yana da smoke, wato hayaƙi, yana da fog, wato hazon, amma ba shi da sunan gaurayen. A 1905 wani likita, Henry Des Voeux, ya yi amfani da smog a wani taron kiwon lafiya a Landan, jaridu suka ɗauka. Duba inda wuƙa ta bi. An ɗebo baƙaƙen farko na smoke, wato "sm", aka cire "f" daga fog, aka dasa su a gurbinta. Sakamakon gaɓa ɗaya ce kamar fog, amon ƙarshenta ma na fog ne. Kunne yana jin sabuwar kalma, amma tsohuwar na amsa kuwwa a cikinta, shi ya sa ba sai an yi dogon bayani ba.

Haka brunch, wadda ta fito a rubuce a Ingila a 1895: kan breakfast, karin kumallo, a jikin lunch, abincin rana. Motel ta fi su dacewa, domin motor da hotel sun yi tarayya a tsakiya, "ot" ɗin nan na kowa ne, har ba a ganin ɗinkin. An raɗa ta ne a 1925 ga wani masaukin matafiya masu mota a San Luis Obispo, jihar Kalifoniya.

Muna da su, amma ba yawa. Wadda ta fi burge ni ita ce Ingausa, sunan maganar mai cakuɗa Ingilishi da Hausa. An cire "h" ta Hausa, aka sa "Ing" a wurin. Daidai ƙa'idar smog, har jinsin ma na kalma ta biyu ta ɗauka, muna cewa "Ingausa ce". Sai Kaniwud, wadda ke nuna wani abin daban: gutsuren da aka yanko yakan zama ma'auni. Daga Holiwud aka sami Boliwud, aka sami Noliwud, Kano ma ta shiga layi, yanzu "wud" ta koma nufin masana'antar fim, ma'anar da ba ta da ita tun asali. Kada kuma ki manta da hamdala da hailala da basmala. Larabawa ne suka matse jimloli sukutum suka mai da su kalma ɗaya, mu kuma muka aro su a shirye, har muna cewa "ya yi hamdala".

Dalilin ƙarancinsu a wurinmu, a ganina, hanyarmu ta harɗawa ta riga ta wadatar. Bahaushe yana son suna ya ba da labari, shi ya sa ya ce a-ci-balbal, ya ce faɗi-tashi. Na taɓa gwada ɗalibaina da fassara smog. Wani ya auri hayaƙi da hazo ya ce "hayazo". Da aka faɗa wa 'yan wani ajin ba tare da bayani ba, wasu suka ɗauka sunan mutum ne, wasu suka ji "haya" ta gidan haya. Nan auren yake mutuwa: idan mai sauraro ya kasa gano iyayen biyu, ko gutsuren ya yi kama da wata kalma da ya riga ya sani. Da muka zo kan brunch kuwa, wata ɗaliba ta ce kakarta "abincin walaha" take cewa, kuma duk ajin ba wanda ya nemi ƙarin bayani.