Yaushe zan wuce tirela a hanyar da ba tagwaye ba?

"Sabon direba ne ni. Ta yaya zan gane lokacin wuce babbar mota a hanyar Kano zuwa Katsina?"

Ɗan'uwa, kada ka manne wa tirela, domin tana tare maka gani. Ja baya har ka hango gaba sosai.

Ga lissafin: tirela na gudun kilomita 60 a awa, kai kana 80. Kafin ka wuce ta ka koma hannunka, za ka yi kamar daƙiƙa 12 a hannun wasu, wato wajen mita 270. Motar da ke tahowa ita ma za ta ci kusan haka. Ke nan kana buƙatar fili sama da rabin kilomita. In kana kokwanto, haƙura.

Duba madubi, waiga kafaɗar hagu, sa sigina, rage giya don mota ta ja. Kada ka koma sai ka ga gaban tirelar duka a madubinka.

A kwana, hawan tudu, gada, mahaɗa, ko inda farin layi bai tsinke ba, kada ka gwada. Haka in hazo ya rufe hanya. Abin da ya fi tsorata ni shi ne bin bayan wanda ya fita wucewa: filin da ya hango nasa ne kaɗai.

Ka fara gwadawa da malamin tuƙi a gefenka.